Aikin dare nake yi, barcin rana ya ƙi wuce ƙarfe 12: yaya zan tsara shi?

Tambaya: "Ina aikin dare a masana'anta, daga 11 na dare zuwa 7 na safe, Litinin zuwa Alhamis. Nakan kwanta wajen 9 na safe, amma kafin 12 ko 1 na rana idona ya bushe, ko me zan yi barci ba ya dawowa. Ranakun hutu nakan koma barcin dare kamar kowa. Na sa baƙin labule amma ban ga canji ba. Wani ya ce akwai sa'o'in da ya kamata in riƙa barci a cikinsu kullum ba fashi. Yaya ake tsara wannan, kuma me ya rage a gyaran ɗakin?"

Amsa: Ɗan'uwa, labulen yana da nasa laifin kuma za mu zo kansa, amma babban abin da ke tashin ka da tsakar rana shi ne kwanakin hutun nan uku. Duk ɗan abin da jikinka ya koya daga Litinin zuwa Alhamis, kana goge shi tsakanin Juma'a da Lahadi, sai daren Litinin ya same ka kamar ranar ka fara aikin.

Ga yadda abin yake. Abubuwa biyu ne ke riƙe mutum a cikin barci. Na farko bashin barci, wanda ke taruwa tun daga lokacin da ka farka, kuma sa'o'i uku zuwa huɗu na farkon kwanciya sukan biya mafi yawansa. Na biyu agogon jiki, wanda ba ruwansa da gajiyarka, lokaci kawai yake bi. A jikin mai barcin dare, zafin jiki yakan sauka zuwa ƙarshen saukarsa wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba, daga nan ya fara hawa, jiki ya shiga shirin tashi. Kai kana kwanciya ƙarfe 9, agogon ya riga ya yi nisa da hawa. Bashi ne kaɗai ya kayar da kai. Da zarar ka biya mafi yawansa wajen 12, babu sauran abin da zai danne agogon, sai ido ya buɗe garau alhali jikin bai ƙoshi ba.

Agogon nan yana matsawa, amma a hankali, awa ɗaya zuwa biyu a rana in komai ya tafi daidai. Haske ne ke tura shi, kuma ɓangaren da zai tura shi ya dogara da lokacin da ya shiga ido. Hasken da ya zo kafin wancan lokaci na saukar zafin jiki yana jan agogon baya, wato ya sa barci ya riƙa zuwa a makare, abin da kake buƙata ke nan. Hasken da ya zo bayansa kuwa yana maido da agogon gaba. To ka duba: ka tashi aiki ƙarfe 7, ka fito cikin hasken safiya, sa'o'i biyu ko uku bayan saukar zafin jikinka. Kullum safiya tana warware abin da fitilun wurin aiki suka ɗaura da dare.

Abin da mutumin nan ya faɗa maka gaskiya ne. Mu kira shi turken barci. Dabbar da aka ɗaure tana iya zagayawa gabas da yamma iya tsawon igiya, amma turke yana nan inda aka kafa shi. Haka ake son barcin mai aikin dare: lokacin kwanciya da na tashi suna iya motsawa tsakanin ranar aiki da ranar hutu, amma akwai wasu sa'o'i, uku da rabi zuwa huɗu, da kake barci a cikinsu kowace rana ta mako. A 1981 wasu masana biyu a Ingila, Minors da Waterhouse, suka gwada wannan: mutanen da suka riƙa yin sa'o'i huɗu na barcinsu a lokaci guda kullum, sauran huɗun kuma a lokuta barkatai, agogon jikinsu ya tsaya a kan sa'o'i 24 bai zame ba. Daga baya Charmane Eastman da abokan aikinta a Jami'ar Rush da ke Chicago suka gina tsari a kan irin jadawalinka na 11 zuwa 7. Ba su nemi juya agogon gaba ɗaya ba, don wanda aka juya gaba ɗaya ba ya iya rayuwa da iyalinsa ranar hutu. Sun nemi a matsar da saukar zafin jiki daga asuba zuwa wajen ƙarfe 10 na safe, inda za ta faɗa cikin barci ko ranar aiki ce ko ta hutu.

Bari mu ɗora shi a kan makonka. Safiyar Talata, Laraba da Alhamis, ka tashi aiki ƙarfe 7, ka iso gida wajen 7:45, ka kwanta 8:30. Rabin awar da ka saba ɓatawa zuwa 9 tana da tsada, domin kowane minti da ka jinkirta agogon hawa yake yi. Ka yi nufin tashi 3:30 na yamma. Safiyar Juma'a, wadda ta biyo bayan daren aiki na ƙarshe, ka kwanta 8:30 kamar kullum amma ka sa ƙararrawa 1:30 ta tashe ka. Da gangan ake rage wannan barcin, don a bar ɗan bashin da zai kayar da kai a daren. Daren Juma'a, Asabar da Lahadi ka kwanta ƙarfe 3 na dare, ka tashi 12 na rana. In ka jera waɗannan lokutan za ka ga daga 8:30 zuwa 12 kana barci a dukkan kwanaki bakwai. Wannan shi ne turkenka. Ranar Litinin da ka tashi 12, ka ƙara da gyangyaɗi na minti 90 wajen 7 na yamma, ka farka aƙalla awa ɗaya kafin ka kama hanya don nauyin barcin ya sake ka. In ba ka yi gyangyaɗin ba, za ka kai ƙarshen aikin daren farko ka yi sa'o'i 19 ido biyu.

Na san inda takalmin zai matse: barci har 12 ranar Asabar da Lahadi, iyali suna jira, hidimomi suna jira. Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin tsarin ke nan, safiyar hutu ake biya da ita, a samu yammaci da dare cikakku. In 12 ba za ta yiwu ba, ka kwanta 2 ka tashi 10:30 ko 11. Turken ya ragu zuwa sa'o'i biyu ko biyu da rabi, ƙarfinsa ya ragu, amma ya fi komawa barcin 10 na dare nesa ba kusa ba. Abin da ba ya aiki shi ne a riƙe tsarin kwana shida a karya shi rana ta bakwai da sammako cikin hasken safiya. Safiya ɗaya a waje daga ƙarfe 7 tana iya cinye ribar kwanaki. In wata hidima ta tilasta maka fita da safe, ka sa baƙin tabarau, ka dawo ka kwanta da wuri yadda ya samu, washegari ka koma kan turke.

Akwai wanda wannan tsarin bai dace da shi ba: mai yin dare ɗaya ko biyu kawai a mako, ko wanda jadawalinsa ke juyawa safe, yamma, dare cikin 'yan kwanaki. Shi gara ya bar agogonsa a kan rana, ya yi barci kafin aiki, ya yi gajere bayan aiki. Kai da kake dare huɗu a jere kowane mako, matsar da agogon ya fi maka riba.

Turke shi kaɗai ba ya matsar da agogo, riƙe shi yake yi. Matsarwa aikin haske ne. Daga fara aiki zuwa wajen ƙarfe 4 na asuba ka nemi wuri mafi haske a ma'aikatar. Ba sai ka zauna a ciki dindindin ba, minti 15 a kowace awa yana tasiri, irin abin da aka yi amfani da shi a gwajin Chicago ke nan. Daga 4 zuwa tashi ka rage neman haske gwargwadon abin da aiki ya yarda, ba a kashe fitila a kan inji saboda barci. Kafin ka taka ƙofar fita ka sa baƙin tabarau mai duhu sosai, irin mai lanƙwasa da ke rufe gefen ido, kada ka cire sai ka shiga ɗaki. Dalilin yana cikin lissafi: fitilar ɗaki ko ofis takan ba da luks 100 zuwa 500 a ma'aunin haske, hasken waje kuwa ko da hadari yakan kai 1,000 zuwa sama, rana tsaka ta haura 10,000 da nisa. Minti 30 na hanyar gida suna iya warware aikin da fitilun dare suka yi. Sai dai in kai ke tuƙi kuma barci na fizgar ka, cire tabaraun, ka tsaya gefe ka yi barcin minti 20. Bincike ya nuna wanda ya yi sa'o'i 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa yana kama da na mai giya kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Agogo ya iya jira, hanya ba ta jira. Da ka farka da yamma kuma, ka fita cikin rana minti 15. Wannan kamar birki ne, yana hana agogon ci gaba da zamewa baya har barcin 3 na dare ya gagara ranar hutu.

Yanzu ɗaki. Yawancin masu cewa sun sa baƙin labule, launi suka saya, ba duhu ba. Yadi baƙi mai shara-shara yana tace haske ne kawai. Ka ɗauki tocila ka manna ta a bayan yadin, in ka ga ɗigon haske ta gaba, rana ma za ta wuce. Labulen da ke toshe haske yana da shafe ko ninkin da aka yi don haka a bayansa, kuma ba dole ya zama baƙi ba. Hasali ma farin baya ya fi, don yana mayar da zafin rana waje, baƙi kuwa tsotsewa yake yi ya saki a cikin ɗaki.

Ko yadin ya yi kyau, hasken ba ta tsakiya ya fi shigowa ba, ta gefe ne. Labule yana rataye a sanda, sanda tana nesa da bango da faɗin tafin hannu, sai haske ya bi ta sama ya daki silin, silin fari ya watsa shi a ɗakin kamar an kunna fitila. In ka kwanta rigingine da rana ka ga wani farin zane a sama daidai taga, shi ne. Gyaran shi ne labulen ya zarce taga da santimita 15 zuwa 20 ta kowane gefe, ya sauka har ƙasa, a rufe samansa da katako ko kwali, gefunan kuma a manne su da bango da abin mannewa mai ƙaya-ƙaya irin na takalmin yara. In falle biyu ne, su hau juna a tsakiya da faɗin hannu, a kama su da abin maƙale shanya.

Hanyar da ta fi wannan tabbas ita ce a toshe tagar kanta. Ka auna cikin firam ɗin, ka yanka kwali mai kauri ko allon soso ya ɗara awon da kamar rabin santimita, don ya shiga da matsi ya tsaya da kansa. Fuskar da ke kallon waje ta zama fara. Ka liƙa masa ɗan madauki don ciro shi da yamma. Sai labulen ya zama rufi na biyu, yana kama abin da ya sulale ta bakin kwalin. Wasu sukan manna takardar alminiyam a jikin gilashi, tana toshe haske ƙwarai, amma ka kiyaye in gilashin mai ninki biyu ne ko rana na dukansa kai tsaye: zafi yakan taru a wani ɓangare fiye da wani, gilashi ya tsage. Gara a naɗe ta a jikin kwalin, a bar ɗan tsakani.

Sauran hasken yana ƙarƙashin ƙofa, da tagar da ke saman ƙofa in akwai, da ramin makulli, da ƙananan fitilun caja, talabijin da na'urar sanyaya ɗaki. Tawul naɗaɗɗe ya ishi ƙasan ƙofa, baƙin salatif ya ishi fitilun. Gwajin kuwa ba da safe ake yi ba. Ka shiga ɗakin ƙarfe 12 zuwa 1, daidai lokacin da kake farkawa, ka rufe komai, ka zauna a bakin gado minti 5 ido ya saba. Da farko za ka ce duhu ya yi, sai can ka fara ganin zanen ƙofa, sai kusurwar taga, sai kayan da ke rataye a bango. Ka miƙa hannunka. In kana iya ƙirga yatsunka, da sauran aiki. Abin da masana ke so a ɗakin barci shi ne ƙasa da luks 1, kuma idonka bayan minti 5 ya fi manhajar waya iya gane wannan, don kyamarar waya ba ta da kirki a ƙaramin haske. Fatar ido ba bango ba ce, haske yana ratsa ta, kuma a ƙarshen barci lokacin da ya yi sauƙi, ɗan kaɗan ya isa ya tashe ka. Abin rufe ido yana taimakawa, musamman mai kwarmi da ba ya danne ƙwayar ido, amma yakan zame in ka juya, don haka ƙari ne a kan duhun ɗaki.

Matsalar da ke biyo bayan toshe taga ita ce zafi da rashin iska, kuma sau da yawa ita ke karɓar aikin tashin mutum daga hannun haske. Jiki yana buƙatar ya zubar da zafi kafin barci ya yi nauyi, ga shi ɗaki yana ƙara ɗumi daga 11 zuwa yamma, daidai lokacin da barcinka ya fi rauni. Inda akwai hali, digiri 18 zuwa 20 ne ya fi dacewa da yawancin mutane. Inda babu, ka bar tagogi a buɗe da dare ɗakin ya sha sanyi, a rufe su kafin rana ta ɗaga, ka tare ranar tun daga waje da rumfa ko wani abin inuwa, ka zaɓi ɗakin da tagarsa ba ta kallon rana da hantsi. Kada ka toshe duk wata kafar iska. In kana tashi da ciwon kai da jin ɗaki ya cushe, ka bar wata kafa a buɗe ka sa mata kwali mai lanƙwasa a gaba, iska tana iya shan kwana, haske ba ya iyawa. Fanka tana aiki biyu, tana motsa iska, ƙararta mai ɗorewa kuma tana haɗiye ƙarar waje. Ba ƙarfin sauti ne ya fi tashin mai barci ba, sauyinsa ne, bugun ƙofa ko kiran suna a cikin shiru. Toshen kunne na soso yana da amfani in an sa shi daidai: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe daƙiƙa 30 ya kumbura. Mutanen gida kuma a gaya musu lokutan da lamba, cewa daga 8:30 zuwa 12 ba a taɓa ƙofar nan sai da larura ta gaske, waya kuma a saita ta ta bar kiran mutum ɗaya ko biyu kawai.

Abu biyu da ke shiga ciki suna karya turke ba a sani ba. Kafeyin da ke cikin kofi, shayi da lemukan ƙara kuzari yakan ɗauki kamar sa'o'i 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Kofin da ka sha 5 na asuba don ka ƙarasa aiki, rabinsa yana nan 10 na safe. Ba zai hana ka kwanciya ba saboda gajiya, amma zai sassauta barcin ya taimaka wa agogo ya tashe ka 12. Ka sha a farkon aiki, kofi na ƙarshe kada ya wuce 2:30 zuwa 3. Na biyu ruwa. Da dare jiki yana rage yin fitsari, da rana ba ya ragewa, shi ya sa mai barcin rana ya fi tashi zagayawa. Ka sha ruwanka sosai a tsakiyar aiki, ka rage a sa'o'i biyun ƙarshe, ka ci abu mara nauyi kafin kwanciya don yunwa ma tana tayarwa. In fitsari ya tashe ka, tabarau ya kasance a gefen gado, ka sa shi kafin ka buɗe ƙofa, kada ka duba waya. Batun ƙwayar melatonin, wato sinadarin da ke sanar da jiki lokacin barci ya yi, ƙaramin awo na miligiram 0.5 zuwa 3 kafin kwanciya yana ƙara wa wasu tsawon barcin rana kaɗan, amma ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani tukuna, musamman in kana shan maganin tsinka jini, na farfaɗiya ko na hawan jini, kuma kada a sha kafin tuƙi.

Ka ba tsarin mako biyu cikakku, ka riƙa rubuta lokacin kwanciya, lokacin farkawa da abin da ya tashe ka. A makon farko za ka ci gaba da farkawa 12 ko 1. In haka ta faru, ka zauna cikin duhu minti 20 zuwa 30, in barci bai dawo ba ka tashi, ka cike gurbin da barcin minti 90 zuwa sa'o'i biyu da yamma, jimillar ta kai sa'o'i 5 zuwa 6 da rabi. Alamar cewa agogo ya fara motsi ita ce lokacin farkawa yana matsawa da kansa, 12:30, sai 1:15, sai 2, kuma nauyin idon da ke kama ka 4 na asuba a wurin aiki ya koma can wajen tashi. In kullum a daidai minti guda kake farkawa, ka nemi abin da ke faruwa a wannan mintin, ko rana ce ta kai wani gefen taga, ko wani ne ke dawowa gida. In da gumi kake tashi, zafi ne. In ranar hutu ƙarfe 3 ta yi barci ya ƙi zuwa sai 5, agogon ya zarce, ka ƙara hasken rana bayan tashi, ka daina neman haske mai ƙarfi a wurin aiki tun daga ƙarfe 3. In kuwa ka samu sa'o'i 7 cikin duhu da shiru amma kana tashi a gajiye, ana ce maka kana minshari mai ƙarfi ko numfashinka na ɗaukewa, ko barci na sace ka a kan inji ko sitiyari, wannan ya wuce gyaran jadawali, ka je asibiti a duba numfashinka na cikin barci, ka tafi da takardar da ka rubuta ta mako biyun.